Siginar saye tana fitowa da safe ta ɓace da yamma, ribar gwaji kuma ba ta zuwa aljihu

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Na bar bin siginar wasu ne saboda na gaji da saye ba tare da na san dalili ba, sai na zauna na koyi Python da daddare bayan aiki. Kuɗin da nake juyawa kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na yayata a ciki, kullum tana tambayata inda aka kwana. Ina ɗauko kyandir na kullum na kirifto, wato bayanan farashin kowace rana, in lissafa matsakaicin kwana 20 da na kwana 50, idan gajeren ya haura dogon in saya, idan ya faɗo ƙasansa in sayar. Ga abin da na rubuta:

```python
df['sma20'] = df['close'].rolling(20).mean()
df['sma50'] = df['close'].rolling(50).mean()
df['pos'] = (df['sma20'] > df['sma50']).astype(int)
df['cross'] = df['pos'].diff()
df['riba'] = df['pos'] * df['close'].pct_change()
```

Gwajin baya yana nuna riba mai kyau, amma da kuɗin gaske ba na ganinta. Siginar saye ta farko da yake ba ni babu ita a zanen farashi. Sannan wani lokaci da safe ya ce in saya, da yamma in sake kunnawa in ga siginar ta ɓace. Ina matsalar take?

Mai Zane: Wa alaikumus salam. `NaN` ne ke damunka. `rolling(50)` ba ya ba da komai sai sahu 50 sun cika. Ka sa `min_periods=1` a cikin duka biyun, za su cika tun daga sahun farko, shi ke nan.

Injiniya: Mai Zane ya gano ciwon, amma maganin nan nasa ba zai warkar ba. Sahu 49 na farko `sma50` babu komai sai `NaN`, kuma a pandas duk lambar da ka kwatanta da `NaN` da alamar `>` amsar `False` ce, wato 0. A sahu na 50 dogon matsakaici ya samu lamba. Idan a ranar gajeren yana sama, `pos` zai tashi daga 0 zuwa 1, `diff()` ya rubuta 1. Babu layin da ya haura wani a ranar, dogon layin ne kawai ya fara bayyana. Shi ya sa ba ka ganta a zane ba: can suna da tarihin da ya riga fayil ɗinka.

Da `min_periods=1` kuwa, daga sahu na 1 zuwa na 20 layukan biyu abu ɗaya suke lissafawa, matsakaicin duk abin da aka tara zuwa lokacin. A sahu na 21 ne za su rabu, domin gajeren ya yar da ranar farko, dogon yana riƙe da ita. Ka ga siginar ƙarya tana iya dawowa wajen sahu na 21, kuma abin da ake kira matsakaicin kwana 50 a wurin na kwana 21 ne. Gyaran shi ne a bar wurin da ba a sani ba a matsayin ba a sani ba:

```python
df['pos'] = df['pos'].where(df['sma50'].notna())
df['cross'] = df['pos'].diff()
```

Wannan ƙaramar matsala ce ma. Babbar tana layinka na ƙarshe, ƙanena.

Mai Zane: Ni dai da `min_periods=1` nake aiki, ban taɓa ganin ya ɓata min komai ba. Idan tarihinka na shekaru ne, wa ya damu da sahun farko?

Injiniya: Wanda yake ƙirga ribarsa daga sahun farko ya damu. Mu koma kan babbar. Zan rage kwanakin zuwa 2 da 3 don kowa ya iya bi da biro. A ce farashin rufewa na kwana shida shi ne 100, 98, 96, 95, 105, 104.

A rana ta huɗu gajeren matsakaici 95.5 ne, wato 96 da 95 a raba biyu. Dogon kuwa 96.33 ne. Gajere yana ƙasa, ba ka cikin kasuwa. A rana ta biyar farashi ya rufe a 105, gajere ya zama 100, dogo ya zama 98.67, an haura. To yaushe ka san an haura? Sai da aka rufe a 105. Amma layinka na ƙarshe yana ninka `pos` na rana ta biyar da canjin farashin rana ta biyar, daga 95 zuwa 105, ya rubuta maka ribar kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan ribar ta wanda ya saya jiya a 95 ce. Kai a 105 ka shiga, abin da ya same ka shi ne na rana ta shida, daga 105 zuwa 104, asarar kusan kashi 1 cikin ɗari.

Haka yake yi maka wajen fita. Ranar da farashi ya faɗi har gajere ya koma ƙasa, `pos` na ranar 0 ne, sai gwajin ya ɗauka faɗuwar ba ta taɓa ka ba, alhali kana ciki ta faru. Yana yi maka kyauta a shiga, yana yafe maka a fita. Gyara:

```python
df['riba'] = df['pos'].shift(1) * df['close'].pct_change()
```

Ɗan Koyo: Na gode Yallaɓai, na fahimci lissafin. Amma a nawa yanayin ba na jin `shift` ya zama dole. Ni ba na jira sai gobe. Ina zaune gaban na'ura kafin kyandir ya rufe, da mintoci kaɗan nake saye, farashina kusan na rufewa ne. Idan na sa `shift(1)` ai na jinkirta kaina da kwana guda ke nan a banza.

Injiniya: A'a, ka sake dubawa. `shift(1)` shi ne daidai abin da ka ce kana yi: ka saya a farashin rufewar ranar sigina, ribarka ta fara daga nan zuwa rufewar gobe. Rashin sa shi yana nufin ka saya a rufewar jiya, kwana guda kafin siginar ta wanzu. Ko a daƙiƙar ƙarshe ka danna, 105 za ka samu, ba 95 ba.

Hajiya Mai Haƙuri: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni duk wannan lissafin ba shi ne ya cinye ni ba. Na shiga wani zaure da ake biyan kuɗin wata, mai zauren kullum yana turo hoton layuka biyu sun gitta, yana cewa a shiga. Kasuwa ta zo ta tsaya wuri ɗaya tana kai da komo, sai yau saye, bayan 'yan kwanaki sayarwa, kowane zagaye in saya da tsada in sayar da araha, ga kuɗin dillanci a kai. Da na yi magana aka cire ni daga zauren. Ɗana, kod ɗinka babu kuɗin dillanci a ciki ko sisi, kuma kowace gittawa ciniki ne da ake cajinka. Sannan ka gaya wa yayarka gaskiya tun yanzu.

Ɗan Koyo: Hajiya, ta san komai, ba ɓoye mata nake yi ba. Kuɗin dillancin kuma ɗan kaɗan ne, shi ya sa ban sa ba.

Baƙo: Ni ina ganin fayil ɗinka ne a juye. Wasu wuraren suna ba da sabuwar rana a sama, tsohuwa a ƙasa. Idan haka ne `rolling` yana haɗa kwanakin gaba ne. Ka gwada `df.index.is_monotonic_increasing`.

Ɗan Koyo: Na gwada, ya ba ni `True`.

Baƙo: Idan `index` ɗinka 0, 1, 2 ne ba kwanan wata ba, ai `True` zai ba ka ko yaya fayil ɗin yake. Me ke cikinsa?

Injiniya: Tambayar tana da kyau, kuma ya kamata ya mayar da kwanan watan da `pd.to_datetime` sannan ya jera su. Sai dai ba na zaton nan ne matsalarsa. Da fayil ɗin a juye yake, kwanakin baya-bayan nan ne za su zama `NaN`, ba zai samu siginar yau ba sam. Shi kuwa yana samu, har tana ɓacewa.

Ɓacewar nan daga kyandir ɗin da bai rufe ba ne. Sahun ƙarshe da kake ɗaukowa na yau ne, kuma `close` ɗinsa farashin wannan lokacin ne kawai. Kasuwar kirifto ba ta rufewa, yawancin dandamali suna yanke kyandir na kullum ne da sha biyun dare a agogon UTC. Idan layukan biyu sun matso kusa da juna, ɗan motsi ya isa ya juya su. Ka lura, farashin yau yana da nauyin kashi ɗaya cikin 20 a gajeren layi, ɗaya cikin 50 a dogon. Farashi ya tashi da 10, gajere ya ƙaru da 0.5, dogo da 0.2, tazararsu ta motsa da 0.3. Idan da ma tazarar ba ta kai haka ba, da safe ka ga sigina, farashi ya koma, da yamma babu. Ka yar da sahun da `df.iloc[:-1]` matuƙar ranar ba ta cika ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa sayenka kafin rufewa bai yi min ba, kana shiga kan siginar da ba ta tabbata ba.

Mai Lissafi: Injiniya, ban ƙi maganarku ba, amma misalin 2 da 3 ya kambama abin. A can rana ɗaya ita ce rabin gajeren matsakaici. A 20 da 50 sau da yawa gittawa tana zuwa ne a ranar da farashi bai yi wani motsi ba, saboda tsohuwar lamba ta fita daga lissafi. `shift` dole ne, amma ban yarda shi kaɗai ya bayyana duk giɓin da yaron nan yake gani ba. Maganar Hajiya ta fi kusa a ganina. Kuma bai gaya mana tsawon tarihin da ya gwada ba, ko yadda yake tara ribar, `sum()` ko `cumprod()`.

Injiniya: A kirifto rana ɗaya tana iya motsi mai yawa, kuma kuskuren ya fi karkata wajen amfanar da gwajin. Ya sa `shift` tukuna mu ga abin da ya rage.

Ɗan Koyo: Na sa. Siginar farko ta ƙarya ta tafi, na gode. Ribar kuwa ta ragu, har ta gaza ta wanda ya saya ya ajiye kawai. Amma da na canza zuwa 10 da 30 ta ɗan farfaɗo, yanzu ina gwada wasu lambobin. Maganar jira sai an rufe kuma, gaskiya idan na ga gittawa da safe ba zan iya zuba ido farashi ya gudu ya bar ni ba.

Mai Lissafi: Idan kana sauya lambobi a kan tarihi ɗaya har sai riba ta fito, dole wasu su yi kyau, ko da sa'a ce kawai. Ka raba tarihin biyu, ka zaɓi lambobin a kashin farko, ka gwada su sau ɗaya a na biyu. Har yanzu kuma ba ka amsa ba, `sum()` ne ko `cumprod()`?

Mai Zane: Ka bar su kawai ka koma `ewm`, matsakaicin da yake ba sababbin kwanaki nauyi fiye da tsofaffi, ya fi saurin kama motsi.

Ɗan Koyo: `sum()` nake yi, a wani darasi na gani haka. Mai Zane, `ewm` ɗin ma yana buƙatar `shift`?