Zauren Ƴan Damagaram: maki biyu, kamfani ɗaya

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ƙanena da ke Faransa yana so mu haɗa kuɗi mu sayi hannun jarin wani kamfani. Masu ba kamfanoni maki kan muhalli, kula da jama'a da tsarin shugabanci, wato ESG, sun saɓa: MSCI sun ba shi AA, Sustainalytics kuma 32. Wanne zan bi?

Mai Goro: 32 bisa 100? Ai ya faɗi jarrabawa kenan.

Malamar Lissafi: A'a Alhaji. A wurin Sustainalytics ƙaramar lamba ita ce mai kyau, don haɗarin da kamfani bai magance ba suke aunawa. Daga 30 zuwa 40 haɗari ne mai yawa. MSCI kuwa daga AAA mafi kyau zuwa CCC mafi muni suke yi, kuma da ƴan sana'arsa kaɗai suke gwada kamfani. Kamfanin mai zai iya samun AA don ya fi sauran kamfanonin mai kula, ya kuma sha 32 don sana'ar kanta mai haɗari ce. Babu wanda ya yi ƙarya.

Hajiya ta Zango: To halal ne dai?

Malamar Lissafi: Wannan tacewa ce daban, Hajiya. Bankin riba ma yana samun AA.

Tsohon Akawu: Ni an taɓa yi mini. Wani dillali ya sayar mini da asusun da ya ce na kare muhalli ne. Da na buɗe jerin kamfanonin ciki, sai ga na mai da na siminti. Na kira shi, ya ce makinsu na da kyau. Ashe abin da ake tambaya shi ne ko matsalar muhalli ko rikicin ma'aikata za su ci wa kamfanin riba, ɓarnar da yake wa gari kuwa tana shiga ne in za ta taɓa aljihunsa. Ku duba 2022: an cire Tesla daga S&P 500 ESG, jerin manyan kamfanonin Amurka masu makin ESG mai kyau, aka bar kamfanin mai na ExxonMobil. Masu jerin sun kawo zargin wariyar launi da yanayin aiki a masana'antar Tesla da ke Fremont. Mai motar lantarki fa!

Mai Goro: Kamar tiya ce, kowace kasuwa da tata.

Ɗan Jami'a: Nauyin da kowa ke ba muhalli ne ya bambanta, shi kenan.

Malamar Lissafi: Kaɗan ne wannan, ƙanena. Masu bincike na MIT sun gwada masu ba da maki shida: nauyi kashi 6 cikin ɗari kawai ya jawo na saɓanin, abubuwan da aka zaɓa a duba 38, yadda ake auna su 56. Misali kula da ma'aikata: wani ya ƙirga waɗanda suka bar aiki, wani ya ƙirga ƙararrakin da aka kai kotu.

Tsohon Akawu: Kuma kamfanin ne ke ba da yawancin bayanan. Mai ofishin rubuta rahoto ya fi samun maki.

Mai Goro: Akawu, kuɗinka sun dawo kuwa?

Tsohon Akawu: Har da ƴar riba. Haushin ne bai tafi ba.

Ɗan Birni: To in saya ko in bari?

Hajiya ta Zango: Fara tambayar ƙanen naka me kamfanin ke sayarwa.