Farashin da Excel ke jawo mini daga wani shafi ba shi ne na kayan ba

Isufu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da lissafi a shagon sari na kawuna, nan babbar kasuwar Maraɗi. Shafin `Farashi` na da lambar kaya a A, suna a B, kuɗi a C, layi 2 zuwa 340. A shafin `Oda` ina rubuta lamba a B, wannan kuma ta kawo kuɗin:

```
=INDEX(Farashi!C2:C340;EQUIV(B2;Farashi!A2:A340))
```

Jiya wani ya ɗauki jarkar mai 40 ta lita 25, `MAI-25`, sai ta ba shi kuɗin `MAI-20`, sefa 19.000 maimakon 23.500. Jika 180 kenan, da kawu bai duba takardar ba da sun tafi. A layi na 60 kuma fulawa, `FUL-50`, `#N/A` take nunawa alhali ga ta a jerin. Excel 2016 ne na Faransanci. Ina na kuskure?

Laminu: Wa alaikumus salam. Jerin naka ne ba a tsare ba. Ka zaɓi shafin Farashi duka ka jera shi daga A zuwa Z, za ka ga ya daidaita. Ni haka nake yi duk ranar da kaya suka iso daga Kano. `#N/A` ɗin kuma ka lulluɓe shi da `SIERREUR` ya riƙa ba da 0, takarda ta fito tsaf.

Hajiya Rabi: Isufu, kafin komai gaya mini, `MAI-25` a wane layi take?

Isufu: 338 Hajiya. Sabuwa ce, a ƙasa na ƙara ta.

Hajiya Rabi: To ga shi nan. `EQUIV` abu uku take karɓa, kai biyu ka ba ta. Idan aka bar na ukun, sai ta ɗauka 1 ne, wato ta yarda jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba, kuma in ba ta ga abin ba ta kawo wanda ke gabaninsa. Ba ma bin layi take ɗaya bayan ɗaya ba. Tsakiyar jerin take faɗawa, ta duba ko abin na sama ne ko ƙasa, ta watsar da rabi, ta sake raba sauran. Da haka ta isa inda su MAI suke zaune, ta ga `MAI-20`, na bayanta ya riga ya wuce `MAI-25` a haruffa, sai ta tsaya nan. Layi 338 ko leƙa shi ba ta yi ba. Ka sa mata 0 a ƙarshe, ma'ana ko lambar daidai ko kuwa babu.

Laminu, maganarka na da gaskiya rabi: jerawa za ta gyara ta jiya. Amma ranar da yaro ya rubuta lambar da ba ta cikin jerin sam, za ta sake ɗauko kuɗin maƙwabci shiru, ba ja ba alama. Ni `#N/A` ya fi mini wannan sau dubu, domin ana ganin sa.

Fulawar kuwa ciwonta daban. Danna gidan da ke layi na 60 ka karanta abin da ke sama. Za ka tarar ya zama `C60:C398` da `A60:A398`, saboda da ka ja formil ɗin ƙasa, iyakar jerin ma ta bi ka tana zamewa layi-layi. Duk kayan da ke saman layi 60 a Farashi sun fita daga inda ake nema. Alamar `$` ce ke ɗaure iyakar, kuma in ka zaɓi `C2:C340` gaba ɗaya a cikin formil ɗin ka danna `F4` za ta shiga da kanta. Rubuta wannan a layi na 2 ka ja:

```
=INDEX(Farashi!$C$2:$C$340;EQUIV(B2;Farashi!$A$2:$A$340;0))
```

Ka lura `B2` ba a ɗaure ta, ita muke so ta sauka. Kuma tunda iyakar a 340 ta tsaya, ranar da ka sa kaya a 341 ba za a gan su ba. Ko ka buɗe iyakar zuwa 1000 a duka biyun, ko ka sa `Farashi!C:C` da `Farashi!A:A`. Abin kiyayewa shi ne su fara daga layi guda, in ba haka ba kuɗin zai goce da layi ɗaya ko biyu.

Batun `SIERREUR` da 0, don Allah kar ka yi. Buhu 30 sau sifili sifili ne, jimla ta fito lafiya lau, kaya sun fita kyauta.

Abba Katsina: Duk wannan wahalar ta mece ce? Yi amfani da sabuwar, ita daidai take nema ba sai ka ce mata 0 ba, kuma ka zaɓi abin da za ta rubuta in ba ta samu ba:

```
=XLOOKUP(B2,Farashi!$A$2:$A$340,Farashi!$C$2:$C$340,"BABU")
```

Isufu: Yaya Abba na kwafa na liƙa, ya ƙi karɓa.

Hajiya Rabi: Ba zai karɓa ba. Na Abba na Turanci ne, waƙafi yake sawa tsakani, naka `;` yake so, kuma sunanta a Faransanci `RECHERCHEX`. Ko ka gyara duka wannan `#NOM?` za ka gani, domin babu ta a 2016, babu a 2019. Sai Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365. Abba bai yi ƙarya ba, ta fi daɗin karantawa, ni ma ita nake sawa a wurin aiki. Amma fayil ɗin da zai bi hannuwa, yau wurin kawu gobe wurin mai buga takarda, na fi barin sa da `INDEX` da `EQUIV`, kowace na'ura ta san su.

Isufu: Alhamdu lillahi, mai ya dawo 23.500, fulawa ta fito. Amma yanzu layi huɗu da a da suke ba da kuɗi sun koma `#N/A`. Ɗaya sukari ne, `SUK-50`, ina kallon sa da idona a jerin.

Hajiya Rabi: Waɗannan huɗun dama can kuɗin kusa-kusa suke ba ka, yau ne asirinsu ya tonu. Je wani gida marar komai ka rubuta `=NBCAR(` ka danna lambar sukarin ta shafin Oda. `SUK-50` harafi 6 ne. In ta ce 7, akwai fili a ƙarshe da ido ba ya gani. Gwada ta Farashi ma. In filin a Oda yake, sa `SUPPRESPACE(B2)` a madadin `B2`. In a Farashi yake, can za ka share shi.

Isufu: 7 ne. Daga saƙon WhatsApp na mai saye na kwafo su. Uku sun gyaru, na huɗun ashe harafin O na rubuta a wurin sifili.

Hadiza: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Magungunan dabbobi nake sayarwa, formil ɗina na aiki, amma satin da ya wuce na ƙara kuɗin wani magani a jerin, sai duk odar watan jiya ta canza, har bashin da nake bin wani ya ƙaru ban sani ba. Sai da ya zo da takardarsa muka yi ta kai ruwa rana.

Laminu: Da an gama oda ki kwafe kuɗin, ki yi `Collage spécial` ki zaɓi `Valeurs`. Formil ya tafi, lamba ta tsaya.

Abba Katsina: Ranar da ta manta fa? Gara ta ƙara sabon layi da sabon kuɗi ta bar tsohon a wurinsa.

Hajiya Rabi: In lamba ta fito sau biyu, `EQUIV` da 0 ta farko take ɗauka, tsohon kuɗi kenan har abada. `RECHERCHEX` na iya nema daga ƙasa in an sa mata `-1` a abu na shida, amma sai odar watan jiya ma ta ɗauki sabon, an koma gidan jiya. Sai dai a haɗa da kwanan wata, wannan kuwa wani aiki ne. Hadiza, oda nawa kike yi a rana, kuma wane Excel gare ki?

Hadiza: Ba ta wuce goma ba, Hajiya. Na'urar na shago, gobe in Allah ya kai mu zan duba in faɗa miki.