Babi shida na tsohon ɗan dako: ciko ne ko madubi?

Mai littafin, daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Na kai littafina mai babi 32 wurin wani mai tace rubutu, ya ce in cire babi shida wai ciko ne. Babban labarin na wani saurayi ne da ya gaji shagon mahaifinsa a Tudun Hatsi, ya tsinci takardar da ke nuna rabin jarin na marayun baffansa ne, yana shawarar ɓoye ta. Babi shidan na wani tsohon ɗan dako ne da wani falke ya ba ajiyar kuɗi, ya tafi shekara tara bai dawo ba. Madubi na yi wa saurayin da shi. Yaya za a kira madubi ciko?

Wata marubuciya daga Pantami: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki cire ko layi ɗaya. Masu tace rubutun nan da yawansu ba su taɓa zama sun rubuta littafi ba, kuma duk abin da bai shafi jarumi kai tsaye ba ciko suke kiransa. Ni ma an taɓa sa ni na cire labarin wata kishiya daga littafina na biyu, har yau ina nadama.

Wani ɗalibi daga Kumo: Ni kalmar madubi ce ban yarda da ita ba. Madubi abin da ke gabansa yake nunawa, ba ƙari ba ragi. Saurayinki yana neman cin amana, tsohon yana riƙe ta, to ina madubi a nan? Wannan kishiya ce. Da madubi ne, da tsohon ma ya ci kuɗin.

Marubuciyar Pantami: Ɗana, ka je ka tsaya gaban madubi ka ɗaga hannun dama, ka ga wane hannu na cikin zai ɗaga. Madubi ma juya abu yake yi.

Ɗalibin Kumo: Hajiya, yana juya gefe, amma ba ya mai da mai kuka mai dariya. Idan muka bar kalma ɗaya ta ɗauki kama da saɓani gaba ɗaya, ba ta faɗi komai ba.

Wani malamin Hausa daga Bauchi: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk ku biyun kuna riƙe da wani abu na gaskiya, kuma ina ganin littafin da zai raba ku yana kan kantar kowannenmu. Ku ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da aka yi a 1933. Babban labarin na Umar ne, yana ba almajiransa tarihinsa a Rauta: an sace shi yana yaro, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, aka rene shi kamar ɗa, ya yi karatu har ya zama shaihi. Da marubucin ya tsaya nan, mai karatu zai iya rufe littafin yana cewa ashe bauta ma tana iya zama hanyar alheri. Amma sai ya buɗe wani zare, na mahaifiyar Umar, wadda ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, ita ma aka bi da ita hamada ta Murzuk har Tarabulus. Hanya iri ɗaya ce, ƙaddarar faɗawa hannun masu cinikin bayi iri ɗaya ce, a nan kama take. Sai dai shi ya fita da ilimi da daraja, ita kuwa wahala ta cinye ta, ta gan shi ba da jimawa ba ta rasu, a nan saɓanin yake. Idan babu kamar, ba wanda zai gwama su. Idan babu saɓanin, labari ɗaya aka ba mu sau biyu. Abin da zaren uwar ya yi shi ne ya hana mu ɗaukar sa'ar Umar a matsayin abin da bauta ta saba haifarwa. Saboda haka ƙaramin labari yakan ɗauki tambayar da babban ya ɗauka, ya ba ta wata amsa dabam, kuma ba ni da damuwa ko madubi kuka kira shi ko kishiya.

Wani mai sayar da littattafai a Gombe: Malam, da girmamawa, duk lokacin da aka yi maganar adabi sai mutanen Bauchi sun kawo Shaihu Umar. Ai Magana Jari Ce ta fi shi wannan aiki nesa ba kusa ba. Kowane labari da aku ya ba Musa ƙaramin labari ne, kuma babu wanda ya taɓa ce wa Abubakar Imam ya yi ciko.

Malamin Bauchi: Alhaji, ban kawo shi don ɗan garinmu ne ba. Labaran aku wani gini ne dabam. Mutanen da ke cikinsu ba sa rayuwa a fadar Sarki Abdurrahman, ba sa haɗuwa da Musa a hanya, bakin aku ne kawai ya kawo su don ya riƙe yaron kada ya fita. Kana iya musanya wani labarin da wani, fadar ba za ta girgiza ba. Mahaifiyar Umar kuwa a duniyar Umar take tafiya, lokacinsu ɗaya, kuma zarenta ya zo ya ɗaure da nasa. Tsohon ɗan dakon ƙanwarmu irin na biyun ne, tun da kasuwa ɗaya suke da saurayin.

Mai sayar da littattafai: Ban gamsu ba. Aku yana zaɓar labaransa ne don su yi wa mai sauraro aiki, wannan ma nuni ne ga babban labari. Ba ka isa ka ce duk an jera su ba tare da lura ba.

Wata malamar firamare daga Billiri: Ni dai abin da na fahimta shi ne ana cewa littafin ya yi tsawo. Idan kuɗin bugu ne matsalar, a rage girman haruffa a bar babin.

Malamin Bauchi: Malama, ba tsawo ba ne. Ƙanwata mai littafi, muna ta musu a kan kalma, ba wanda ya tambaye ki abin da ya kamata. A wane babi saurayin ya yanke shawara a kan takardar, a wane babi labarin tsohon ya ƙare, kuma sau nawa suka haɗu ido da ido?

Mai littafin: Malam, tsohon yana babi na 4, 9, 14, 19, 23 da 31. Saurayin ya kai wa marayun takardar a babi na 27. A babi na 31 ɗan falken ya zo, tsohon ya ciro kuɗin daga cikin tukunyar da ya binne a ɗakinsa, ɗan falken kuma ya biya masa kujerar Makka. Ba su taɓa magana da saurayin ba, sai dai yakan sauke masa buhu.

Malamin Bauchi: To, yanzu na ga abin da mai tace rubutun ya gani, ko da yake maganin da ya ba ki ba shi ne nawa ba. Ki yi wannan gwaji da kanki: ki zare babi shidan ki karanta sauran 26 a jere. Idan saurayin ya isa babi na 27 ya yi abin da ya yi, da dalilan da ya yi shi, ba tare da kin ji wani gurbi ba, to a yadda littafin yake yanzu tsohon bai ɗauki nauyin komai ba. Kuma ina zaton hakan za ki tarar, domin amsar tsohon ta zo babi huɗu bayan saurayin ya gama nasa hukuncin. Mai karatu ya riga ya sauke numfashi, sai kika sake kiransa ya zo ya ga wani ma ya riƙe amana. Da ni ne, zan dawo da ƙarshen tsohon babi na 25, kuma in sa saurayin yana tsaye a wurin, da takardar a aljihunsa, lokacin da ake ƙirga kuɗin. Kada kowa ya juyo ya ce masa ka ga yadda ake riƙon amana. Da zarar wani ya faɗi haka, kin karɓe wa mai karatu aikinsa. Ya isa a ga takardun kuɗin sun yi laushi sun yi warin ƙasa, tsohon yana miƙa su da hannun da dako ya fasa, saurayin kuma ya kasa cire nasa hannun daga aljihu. Abu na biyu ya fi wuya: kujerar Makkan. Idan riƙon amana ya biya tsohon a kan idon saurayin, to kai takardar ya zama ciniki, ya ga riba ne ya bi. Ki bar ɗan falken ya ƙirga, ya yi ƙorafin cewa kuɗin shekara tara ba sa sayen abin da suke saye a da, ya tafi ko godiya babu. Sai saurayin ya kai takardar yana sane da cewa mai yiwuwa abin da zai samu ke nan.

Marubuciyar Pantami: A nan kam na rabu da kai, Malam. Masu karatunmu mata ne a gidajensu da 'yan makaranta, kuma idan suka ga mai amana ya tashi a tutar babu, darasin da za su ɗauka shi ne amana ba ta da amfani. Kai kanka ka ce Umar ya zama shaihi.

Ɗalibin Kumo: Amma uwarsa ta rasu, Hajiya, kuma ba ta yi laifin komai ba. Kuma kun ga maganata ta fito, saɓani ne ke aiki, ba madubi ba.

Malamin Bauchi: Ban ce haka ba. Amana ce a hannun saurayin da tsohon, mai ita kuma ba ya nan balle ya nema. Ba don wannan kamar ba, saɓanin ba shi da inda zai tsaya.

Mai kula da zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda mai tace rubutun ya yi gaggawa, kuma 'yar'uwarmu tana da gaskiya da ta kira tsohon madubi, kamar yadda Hajiya ta nuna tun farko. Malam ya kawo shawarar matsar da babi ɗaya, wadda ƙaramin gyara ce. Batun hana tsohon ladansa ra'ayin masu nazari ne, mu da muke hulɗa da masu karatu kullum mun san abin da suke so.

Mai littafin: Kafin a rufe, Yaya. Na zare babi shidan na karanta daga 22 zuwa 28, kuma ban ji gurbin komai ba, wannan ya dame ni ƙwarai. Zan dawo da ƙirgar kuɗin babi na 25. Kujerar Makkan ce ban san yadda zan yi da ita ba, domin tsohon nan kakana na kwaikwaya, shi kuma har ya rasu bai je ba.