Yarinya ba takardar haihuwa, likitan haƙori zai iya gane shekarunta?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. 'Yar marigayi yayana ce ta dawo hannuna, ba takardar haihuwa, makaranta kuma sun ce sai an rubuta shekaru. Ta yi famfaran na gaba huɗu sama huɗu ƙasa, sababbi sun fito, fiƙoƙinta dai na nono ne. An ce in kai ta likitan haƙori, to dubawa kawai ta isa ko sai an yi hoto?

Baban Yara: Ƙirga kawai Hajiya, haƙoran nono 20 ne, suna cika wajen shekara uku.

Maman Biyu: Malam ai ta wuce nan, famfara fa na ce.

Anti Nas: Na yi aiki a ɗakin haƙori. Yadda kika faɗa ta kai takwas ko tara, don na gaba na ƙasa ke fara canzawa a shida zuwa bakwai, na sama su biyo. Amma fitowa tana ruɗi, haƙorin nono in ya ruɓe ya faɗi da wuri sai ya ɓata lissafin. Shi ya sa suka fi yarda da hoton muƙamuƙi, a ciki ake ganin inda saiwa ta kai, don haƙori yana fitowa saiwarsa ba ta gama ba, sai bayan shekara biyu zuwa uku bakin saiwar ke rufewa. A tsarin kiyasin shekaru na Demirjian na 1973 haƙora bakwai na ƙasa ta hagu ake dubawa, kowanne a ba shi mataki daga A zuwa H. Kuma jadawalin mata daban ne, sun fi maza sauri.

Ummu Sabir: Hmm hoto. Ɗana da na haifa da cikina, na san ranar, shekararsa tara da rabi aka yi masa hoto aka ce sha ɗaya, wallahi dangin ubansa har yau suna min kallon wadda ta rage masa shekaru, na yi kuka ba kaɗan ba.

Anti Nas: Ayya 'yar uwa. Kiyasi ne, shekara ɗaya sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne, jadawalin ma da yaran Kanada aka haɗa shi, yakan ƙara wa wasu yaran shekaru.

Baban Yara: To in da kuskure me ya raba shi da ƙirgata? Ga tsadar hoto.

Ɗan Autan Gida: Mu ba tsada aka yi mana. Kaka kuma da ba haƙori ko ɗaya, jaririya ce ke nan 😂

Ummu Sabir: Ni ban gama ba. Turmin nan da ke fitowa can ƙurya a shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, wani ya cire wa Sabir shi wai na nono ne zai sake fitowa. Shekara huɗu yanzu giɓi ne.

Maman Biyu: Innalillahi, ita ma nata na ƙuryan ya yi baƙi fa, na ɗauka zai faɗi da kansa. Anti Nas shi ma ba ya sake fitowa?