Na ɗora kaya 640 da fayil ɗin CSV, an dawo mini da 212

Maman_Haidar: Salam 'yan uwa. Na cike fom ɗin CSV na dandalin da nake sayarwa, kaya 640. An karɓi 428, sauran 212 an ce `duplicate barcode`, alhali kowane kaya lambarsa daban. Da na duba a Excel sai na ga `5.01235E+12` a maimakon lambar. Mai ba ni kaya ya turo jerin lambobin ta imel, yana nan ban taɓa shi ba. In gyara wannan fayil ɗin ne, ko in koma in fara daga nasa?

Sadik_Kwamfuta: Abu mai sauƙi Hajiya. Zaɓi layin lambobin gaba ɗaya, `Format Cells`, `Number`, ki mai da `Decimal places` sifili. Za su miƙe.

Malam_Tabur: Sadik, maganarka daidai ce idan ba a riga an adana fayil ɗin ba. Hajiya, kafin komai buɗe shi da Notepad, ba Excel ba, ki dubi layi ɗaya. CSV rubutu ne zalla, kuma Excel yana rubuta abin da yake nunawa a fuska ne, ba abin da ke ɓoye a cikin akwatin ba. Lambar da ta kai alƙaluma 12 ko fiye yakan taƙaita ta. Misali 5012345678900 ta koma `5.01235E+12`. In kin ga haka a Notepad, to alƙaluman ƙarshe sun tafi, kuma dabarar Sadik za ta ba ki 5012350000000 ne, lamba mai kyan gani amma ta ƙarya. Nan ma kalmar `duplicate` ta samo asali: kayan kamfani ɗaya farkon lambarsu ɗaya ne, da aka datse wutsiya sai duk suka zama abu guda.

Maman_Haidar: Na duba Malam. Da E ɗin take a Notepad ma.

Malam_Tabur: To ki koma kan na mai ba ki kaya. Amma kada ki danna shi sau biyu ya buɗe, nan ne ɓarnar take farawa. Buɗe Excel babu komai, ki je `Data`, ki zaɓi `From Text/CSV`. A tagar da za ta fito akwai `Data Type Detection`, ki sa shi a `Do not detect data types`, sannan `Load`. Komai zai shigo a matsayin rubutu, har sifilin farko. Wannan sifilin ma wata rigima ce: lambar UPC alƙaluma 12 ce, da yawa da sifili suke farawa, Excel ya share shi ta koma 11. In lambobin suna layin C, sa `=LEN(C2)` mai ƙirga alƙaluma a layin gefe ki ja ƙasa, duk inda kika ga abin da ba 12 ko 13 ba ki tsaya ki duba. Kuma 428 ɗin da aka karɓa kada ki saki jiki da su. A kowane rukunin da ya zama iri ɗaya, mai yiwuwa na farko ya wuce da gurɓatacciyar lamba, na bayansa ne aka kora.

Ummi_Zee: Ni dai shawarata a bar Excel, a yi da Google Sheets, babu wannan ciwon kai.

Malam_Tabur: Shi ma yana cin sifilin farko, sai an cire alamar da ke kan `Convert text to numbers, dates, and formulas` lokacin shigo da fayil.

Dan_Asabe77: Ku kuna ta lamba. Ni abin da ya same ni ya fi wannan. Na ɗora fayil don sauya yawan kaya kawai, na bar layin bayani da sunansa a sama amma babu komai a ƙasa. Dandalin ya ɗauka cewa nake a goge. Bayanin kaya sama da 300 ya tafi a minti ɗaya, kuma ba ni da kwafi. Na rubuta musu, suka turo mini shafin umarnin da na riga na karanta.

Sadik_Kwamfuta: Innalillahi. Amma ai akwatin da babu komai tsallake shi ake yi.

Dan_Asabe77: A wane dandalin? Zo ka tsallake mini nawa su dawo.

Injiniya_Rabi: Kowa da gaskiyarsa, dandali ya bambanta. Wasu suna tsallakewa, wasu suna gogewa. Abin da ya fi aminci shi ne layin da ba ka son taɓawa ka cire shi gaba ɗaya har kansa, in dai ba dole ba ne a fom ɗin, kuma ka sauke kwafin kayanka na yanzu kafin ka ɗora komai. Hajiya, wannan ya shafe ki, domin gyaran 428 ɗin nan ɗorawa ce a kan kayan da ke akwai. Ki tabbata `SKU`, wato lambar shaidar da kika sa wa kowane kaya, bai sauya ba ko da harafi ɗaya, in ba haka ba sabo za a ƙirƙira, ki wayi gari da kowane kaya sau biyu. Fara da layi biyar, ki zaɓo masu fitina: mai sifili a farko, mai waƙafi a cikin bayani, mai ƙ ko ɗ a suna.

Sadik_Kwamfuta: Biyar ya yi kaɗan, hamsin ake gwadawa.

Injiniya_Rabi: In ya ɓaci, kai za ka gyara mata hamsin ɗin da hannu?

Ummi_Zee: Tunda an ambaci ƙ, me ya sa "ƙarami" yake fito mini `Æ™arami`?

Injiniya_Rabi: Fayil ɗinki UTF-8 ne amma an karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252. Wannan yana gyaruwa, harafin yana nan, karatun ne ya karkace. Mai muni shi ne ki ga `?arami`, wato an adana da `CSV (Comma delimited)` kuma harafin ya mutu. Ki riƙa zaɓar `CSV UTF-8 (Comma delimited)`. Sai dai shi kuma yana liƙa wata ɓoyayyar alama a farkon fayil, wasu dandalin sai su ce ba su ga kan layin farko ba. In haka ta faru, buɗe da Notepad, `Save As`, ki zaɓi `UTF-8` wanda ba a rubuta `with BOM` ba.

Ga yadda layi mai waƙafi da alamar inci ya kamata ya fito:

```
TV-032,0012345678905,"Allo 32"", baƙi",1250.00
```

Alamar incin an ninka ta biyu, duk bayanin kuma yana cikin alamar zance. Excel yana yin haka da kansa, masu gyara da hannu a Notepad ne suke ɓatawa, sai kowane abu ya zame akwati ɗaya zuwa dama, "baƙi" ya faɗa gurbin farashi.

Dan_Asabe77: Ni rahoton kuskurensu ma ya ishe ni. A ce maka layi na 88, ka je ka tarar lafiyarsa ƙalau.

Malam_Tabur: Duba na 89, wasu ba sa ƙirga layin kai. In kuma akwai bayanin da aka sauka layi a cikin akwatinsa da `Alt+Enter`, ƙirgar tana iya ƙara gocewa.

Maman_Haidar: Na shigo da na mai kayan yadda Malam ya ce, lambobin sun fito cikakku. Amma a wancan na farko, girman kayan yara da na rubuta `3-4` na ga ya koma `4-Mar`, kuma suna cikin waɗanda aka karɓa. Su ma sai na sake ɗora su ke nan?