Me za mu kira Pivot table da MEDIAN da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina da tashar YouTube ta girki da sana'ar gida, kuma a shekarar da ta wuce na ɗora bidiyo 120. Na zuba su a Google Sheets, kowane bidiyo da layinsa: ranar ɗorawa a A, maudu'i a B, tsawo da mintuna a C, yawan kallo a D. Daga nan na shiga Insert na zaɓi Pivot table, na sa maudu'i a Rows, na sa ranakun mako a Columns, na sa yawan kallo a Values, sannan a Summarize by na zaɓi MEDIAN. Yanzu ina so in koya wa ƙannena biyu masu taya ni aiki, amma kalmomin nan biyu sun tsaya mini a wuya. Na farko ina ce masa tebur mai juyawa, na biyu kuma matsakaici, sai dai duka biyun ba su kwanta mini ba.

Wata malamar lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki fara ajiye matsakaici a gefe, domin kunnen mutane ya riga ya saba da shi a ma'anar AVERAGE, wato a tara lambobi a raba da yawansu, kuma bambancin waɗannan biyun shi ne dalilin aikin naki gaba ɗaya. A ce bidiyon girki biyar sun samu kallo 800, 950, 1,100, 1,300 da 21,000, saboda na ƙarshen wani ya yaɗa shi ya karaɗe gari. Idan aka tara aka raba biyar za a samu 5,030, alhali huɗu daga cikinsu ko 1,500 ba su kai ba. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki wanda ya tsaya a tsakiya, 1,100 ne. Sai ki kwatanta da bidiyon sana'a biyar masu kallo 1,400, 1,600, 1,700, 1,900 da 2,000: rabon tari ya ba da 1,720, na tsakiya kuma 1,700. Lissafin farko zai ce miki girki ya ninka sana'a kusan sau uku, na biyun kuma zai nuna miki cewa a yawancin lokuta sana'a ce a gaba. Ni a aji tsakiyar jeri nake cewa, domin sunan da kansa yana tuna wa yaro cewa sai an jera kafin a ɗauka.

Wani mai fassarar labarai: Na gamsu da tsakiyar jeri, Malama, ko da yake ina da 'yar damuwa. Idan bidiyon shida ne, babu wanda ya tsaya a tsakiya, to sunan bai faɗi ba ke nan? Ni da tsaka-tsaki zan ce.

Malamar lissafi: Malam, idan shida ne ana ɗaukar na uku da na huɗu a tara a raba biyu, kuma wurin da aka sauka tsakiyar jerin ce har yanzu, ko da babu bidiyon da ke zaune a can. Shi ya sa na ce tsakiyar jeri, ban ce na tsakiya ba. Tsaka-tsaki kuwa ku 'yan jarida kun riga kun ba wanda bai ɗauki ɓangare a rikici ba.

Wani matashi mai tashar ƙwallo: Anti, tunda kin riga kin yi lissafin, don Allah wace rana ce ta fi kawo kallo? Ni kullum Juma'a da yamma nake ɗorawa.

Mai tambaya: Ƙanena, amsar tashata ba za ta yi maka aiki ba, domin masu kallonmu ba ɗaya ba ne. Ni kaina na kusa yaudarar kaina a nan. Da na haɗa maudu'i huɗu da tsawo iri uku da ranaku bakwai, gurbi 84 suka fito, bidiyo kuma 120 ne kawai, sai na ga gurbin Talata yana nuna lamba mai girma har na fara murna. Da na sake sa D a Values na zaɓi COUNT, sai na tarar bidiyo ɗaya tak ke cikin gurbin. Tun daga ranar nake duba abu biyu-biyu, maudu'i da tsawo ko maudu'i da rana, kuma duk gurbin da bai kai bidiyo biyar ba ba na yanke hukunci da shi. Tsawon kuwa da wannan na kasa shi a E:

```
=IF(C2<5,"Gajere",IF(C2<=15,"Matsakaici","Dogo"))
```

Yanzu ma na lura cewa matsakaici yana nan a cikin shafin da wata ma'ana, wanda ya ƙara ƙarfafa maganar Malama.

Mai fassara: To mu koma kan ɗayar kalmar. Tebur mai juyawa ba zai yi ba, Hajiya, domin duk wanda ya ji shi kafinta zai tuna. Jadawali muke da shi, kamar na darussa ko na wasanni. Ina ba da shawarar jadawalin juyi, saboda ana iya ɗauke ranaku daga sama a mayar da su gefe, maudu'i kuma ya hau sama, lambobin su sake zama da kansu ba tare da an taɓa shafin asali ba.

Wani dattijo tsohon akawu: Juyin gaskiya ne, ɗana, amma ba shi ne aikin ba. Mutum zai iya shekara yana amfani da abin nan bai juya shi ko sau ɗaya ba, amma ba zai iya amfani da shi bai kasa ba. Ku dubi mai tumatir a kasuwa: kwando ɗaya yake juyewa a ƙasa, ya ware manya, ya ware ƙanana, ya ware waɗanda suka fara laushi, kowane kashi da kuɗinsa. Layuka 120 ɗin nan su ne kwandon, maudu'i da tsawo da rana su ne abin da ake kasawa da shi, tsakiyar jeri kuma ita ce lambar da ake ɗora wa kowane kashi. Saboda haka ni jadawalin kashi-kashi zan ce. Na so in ce jadawalin kasafi, sai na tuna kasafin kuɗi ya riga ya mallake kalmar, mai ji zai zaci maganar gwamnati ake yi.

Matashi mai tashar ƙwallo: Baba, sunan ya zauna mini. Kuma ai duk ɗaya ne a Excel, zan buɗe in zaɓi MEDIAN ɗin a can.

Tsohon akawu: A nan ka yi kuskure kaɗan. Jadawalin yana nan a Excel, har da Sum da Count da Average da Max da Min, amma a jerin da ake zaɓa babu Median. Ko dai ka sa bayanan a Data Model ka rubuta ma'aunin da kanka, ko ka yi shi a gefe da dabara irin wannan:

```
=MEDIAN(IF(B2:B121="Girki",D2:D121))
```

A tsofaffin Excel sai ka danna Ctrl+Shift+Enter kafin ta ba da amsa daidai. Akwai kuma wani abin da zan tambayi mai tashar: bidiyon Janairu ya yi wata goma sha biyu yana tara kallo, na Disamba kuwa makonni kaɗan, to idan yawancin bidiyon sana'arki a farkon shekara suke, tsufa ne ya ɗaga su ko maudu'i?

Mai tambaya: Baba, wannan ban yi tunaninsa ba, kuma gaskiya sana'ar na fi yi kafin azumi. Zan koma in ciro kallon kwana 28 na farko na kowane bidiyo in sa shi a D, sannan in sake dubawa. Tsakiyar jeri na karɓa. A ɗayan kuma zuciyata ta fi karkata ga kashi-kashi.

Mai fassara: Ni ban sauka daga juyi ba tukuna, domin kashi-kashi ya yi tsawo a rubutu, kuma wanda ya ga Pivot table a allo zai fi saurin haɗa shi da juyi. Ki gwada duka biyun a kan ƙannen naki, Hajiya, kowace da suna ɗaya, ki gaya mana wadda ta fara gane abin da za ta sa a Rows ba tare da kin nuna mata ba.