Bayanin gidan sayarwa: yadda za a faɗi aibu ba tare da an kori mai saye ba

An tattauna kan yadda za a rubuta bayanin sayar da wani gida mai ɗaki uku da falo a cikin Kano, wanda damina ke cika tsakar gidansa da ruwa. Dillalan da ke wurin tattaunawar suka ce a cire kalmomi irin su "gida na alfarma". A rubuta abin da mai saye zai iya aunawa: fili ƙafa 50 a kan 50, rijiyar da ba ta ƙafewa da bazara, mota tana shiga har ƙofa.

Maganar ruwan ce ta ɗauki lokaci. Mai gidan ya so a yi fenti a yi shiru, tunda da rani za a sayar. Wani magini ya ce fentin ba zai rufa asiri ba, domin duk wanda ya ƙwanƙwasa gindin bango zai ji filasta ta saki, kuma maƙwabta za su ba da labari. Wani malami ya ƙara da cewa a shari'a, aibun da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Aka tsaya a kan jimla ɗaya: "Tsakar gida ta fi titi ƙasa, ruwa na kwanciya a watan Agusta, tana buƙatar ciko da magudana." A ganina wannan ya ma rage jayayya wajen ciniki.

Takardu kuwa, in takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa, a ce haka, kada a kira ta satifiket ɗin gwamnati. In gidan gado ne, a faɗi ko duk magada sun amince.